Kundin digiri, aikin ƙashin kai ko aikin sa kai: wanne za ka sa a gaba a imel ɗin neman aikinka na farko?

Wanda ya gama jami'a bai taɓa karɓar albashi ba yakan zauna gaban imel ɗin neman aiki da abubuwa uku a hannu. Akwai kundin da ya rubuta a shekarar ƙarshe. Akwai wani ɗan aiki da ya ƙirƙira da kansa ba tare da an sa shi ba. Akwai kuma aikin sa kai da ya yi wa wata ƙungiya. Matsalar ita ce imel ɗin ba ya ɗaukar dukansu. Saƙon da ke raka takardar bayananka, wato si-bi, bai kamata ya wuce kalma 150 zuwa 250 ba, kuma idan aka cire gaisuwa da sunan gurbin da rufewa, abin da ya rage sakin layi biyu ne. Na farko shi ne ake karantawa da hankali, na biyu a wuce da shi da sauri. Don haka dole ɗaya daga cikin ukun ya shiga gaba, ɗaya ya bi baya a taƙaice, na uku ya haƙura da zama cikin si-bi.

Yawancin ɗalibai suna zaɓar wanda ya fi ba su wahala, kuma kusan kullum kundin ne. Wahalar da ka sha ba ta cikin abin da mai ɗaukar aiki yake aunawa. Shi tambayarsa ɗaya ce: wannan mutumin ya taɓa yin wani abu mai kama da abin da zan ba shi, kuma zan iya tabbatar da hakan ba tare da na ɓata yini ba?

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne kama. Ɗauki sanarwar gurbin ka ja layi a ƙarƙashin ayyukan da aka ce ma'aikacin zai riƙa yi: shigar da bayanai, rubuta rahoto, amsa kiran abokan hulɗa, gyara manhaja, da makamantansu. Kada ka tsaya kan halayen da aka lissafa, irin su ƙwazo da gaskiya, domin kowa zai ce yana da su. Shaidar da ta fi kama da ayyukan da ka ja wa layi ita ce take da haƙƙin shiga gaba.

Na biyu shi ne sauƙin tabbatarwa. Gani ya kori ji. Shaida tana tabbata ta hanya biyu kawai: ko dai akwai abin da za a buɗe a gani, ko akwai mutumin da za a kira a tambaya.

Na uku shi ne tsada, kuma a nan ba kuɗi ake nufi ba. Ana nufin kalmomin da shaidar za ta ci kafin baƙo ya fahimce ta, da lokacin da za ka ɓata wajen shirya ta ta zama abin nunawa.

Na huɗu ƙarko: idan an kira ka intabiyu aka yi ta tono, shaidar za ta jure tambaya ta uku da ta huɗu? Kuma bayan shekara guda za ta ci gaba da amfani, ko za ta tsufa?

Na biyar haɗari, wato yadda shaidar za ta iya juyowa ta cuce ka.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ta gama digiri a fannin ƙididdiga. Ta ga sanarwar gurbin mataimakiyar jami'in bayanai, inda aka ce za ta riƙa shigar da bayanai da tace su a Excel, ta haɗa rahoton wata-wata, ta kuma yi hulɗa da ma'aikatan da ke fita fili. Kundinta bincike ne da ta raba takardun tambayoyi 200 ta yi nazarinsu da SPSS, wata manhajar nazarin alkaluma. Aikin ƙashin kanta shi ne ta sauke alkaluman yawan yara masu zuwa makaranta daga rumbun bayanan Bankin Duniya, wanda kowa ke iya shiga kyauta, ta zana jadawali ta rubuta bayani shafi biyu. Aikin sa kai kuwa, ta yi wata takwas tana riƙe rajistar wata ƙungiya da ke koya wa yara karatu a ƙarshen mako.

Kundin digiri

Ƙarfin kundi shi ne akwai hukuma a bayansa. Malami ya duba shi, an kare shi gaban kwamiti, an ba da maki. Ba wanda zai yi shakkar cewa an yi shi. Yana kuma nuna cewa ka iya riƙe aiki guda na tsawon watanni har ka kai shi ƙarshe.

Rauninsa yana wajen tsada. Kundi ya fi sauran biyun cin kalmomi, saboda an rubuta shi ne don malamai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafo taken kundin gaba ɗaya, mai layi biyu, a biyo shi da abin da binciken ya gano. Mai ɗaukar jami'in bayanai bai damu da abin da ɗalibarmu ta gano ba. Abin da zai amfane shi shi ne yadda ta yi: ta tsara tambayoyin, ta karɓo takardu 200, ta ware waɗanda ba a cike daidai ba, ta shigar da sauran, ta gudanar da nazari. Wannan ya yi kama da aikin. Idan za ka yi amfani da kundi, yar da taken, ka faɗi aikin hannu da ke cikinsa.

Wajen tabbatarwa yana tsaka-tsaki. Ba wanda zai buɗe shafi tamanin, kuma maƙala kundin gaba ɗaya a imel nauyi ne kawai. Abin da ke aiki shi ne taƙaitawa ta shafi ɗaya mai ɗauke da tambayar binciken, hanyar da aka bi, da jadawali ɗaya. Haɗa ta zai ci maka yini.

Haɗarinsa biyu ne. Duk wanda ya nemi gurbin nan da digiri yana da kundi, don haka shi kaɗai ba ya bambanta ka da kowa. Na biyun ya fi muni: idan wani ne ya yi maka nazarin alkaluman, ko kuma aikin rukuni ne ka rubuta shi kamar kai kaɗai ka yi, intabiyu za ta tona. Tambaya ce mai sauƙi, kamar me ya sa ka zaɓi wannan gwajin ba wancan ba, ko yaya ka yi da takardun da aka bar wasu gurabe ba a cike ba. Wanda ya yi da hannunsa zai amsa ko da dare aka tashe shi. Idan aikin rukuni ne, faɗi haka, sannan ka ware rabonka: mu biyar ne, ni na ɗauki tattara bayanai da tace su. Wannan jimla ta fi "mun gudanar da bincike" ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kundi kuma yana tsufa da wuri. A watannin farko bayan kammalawa yana da daraja. Idan shekara biyu ta wuce kuma har yanzu shi ne kan gaba a imel ɗinka, mai karatu zai tambayi kansa me ka yi tun daga lokacin.

Aikin ƙashin kai

Wannan ya fi kowanne sauƙin tabbatarwa, muddin akwai mahaɗar da za a latsa a gani. Mai neman aikin rubuta manhaja yana da GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, mai zane yana da shafin da ya jera ayyukansa, mai rubutu yana da abin da ya wallafa. Yana kuma cin kalmomi kaɗan: jimla biyu da mahaɗa sun isa. Sannan yana faɗin wani abu da kundi ba zai iya faɗa ba, cewa ka yi aiki ba tare da an tsaya a kanka ba.

Amma tsadarsa wajen shiri ta fi ta sauran. Abin da za a buɗe dole ya kasance a gyare. Idan a GitHub yake, ya zama akwai fayil ɗin README da ke bayyana mene ne aikin da yadda ake gwada shi, domin mai dubawa ba zai zauna ya karanta lambobinka don ya gane manufarka ba. Idan a Google Drive yake, duba izinin rabawa. Idan yana kan Restricted, mai ɗaukar aiki zai latsa ya tarar da shafin neman izini, kuma da wuya ya nema. Mayar da shi Anyone with the link, a matsayin Viewer, sannan ka gwada mahaɗar a wayar wani ko a burauzar da ba ka shiga da asusunka ba. Mahaɗar da ba ta buɗewa ta fi rashin mahaɗa illa, saboda ta nuna ba ka duba aikinka kafin ka aika.

Babban haɗarinsa shi ne aikin da aka bi darasin bidiyo aka kwaikwaya daga farko har ƙarshe. Masu ɗaukar aiki a fannin sun ga irinsa sau ba adadi, suna gane shi da kallo ɗaya. Ga gwajin da za ka yi wa kanka: akwai wata shawara a cikin aikin da kai ka yanke, wadda darasin bai gaya maka ba? Akwai wani mutum, ko da ɗaya ne, da ya yi amfani da abin? Idan amsar duka biyun a'a ce, motsa jiki ne kawai, bar shi a si-bi.

A misalinmu, jadawalin ɗalibar yana da kyau, amma alkaluman Bankin Duniya sun zo mata a shirye cikin tsari. Gurbin da take nema kuwa na bayanai ne masu datti da ke fitowa daga hannun mutane. Don haka ma'aunin kama ya yi rauni a nan. Da a ce gurbin na mai nazari ne da zana jadawali, da wannan ne zai shiga gaba.

Ƙarkonsa ya danganta da kai. Shi ne kaɗai cikin ukun da za ka iya ci gaba da ƙara masa, don haka ba ya tsufa idan kana taɓa shi.

Aikin sa kai

A ganina wannan ne aka fi rainawa, kuma shi ne aka fi rubutawa ba daidai ba. Cikin ukun, shi kaɗai ya faru a inda akwai shugaba, akwai lokacin zuwa, akwai mutanen da za su sha wahala idan ba ka zo ba. Wato shi ya fi kusa da aikin albashi. Abin da mai ɗaukar aiki ya fi tsoro game da sabon ɗalibi ba rashin ilimi ba ne, tsoronsa ko za ka zo kan lokaci, ko za ka karɓi gyara, ko za ka jure aikin da ba shi da daɗi. Kundi da aikin ƙashin kai ba sa amsa waɗannan. Wata takwas na zuwa kowane mako yana amsawa.

Inda ake ɓata shi shi ne a rubuta shi kamar shaidar kyawun hali. Dubi wannan: "Na yi aikin sa kai da wata ƙungiya mai taimakon yara, wanda ya koya mini haƙuri da aiki tare da jama'a." Ba ƙarya a ciki, amma ba abin da za a kama. Ba a san me ta yi ba, ko na tsawon wane lokaci, ko me ya canza. Yanzu ga abin da ya faru a zahiri. Ta tarar da rajistar yara a littattafai uku na hannu. Ta mayar da su Excel. Da ta haɗa, sunaye suka kai 163, alhali malaman sun san yaran ba su kai haka ba. Ta sa wannan dabara a gefen kowane suna don ta ga wanda ya maimaitu:

```
=COUNTIF(A:A,A2)
```

Duk inda ya nuna fiye da 1 ta duba. Dabarar ba ta kama sunan da aka rubuta da harafi daban, don haka ta jera sunayen bisa haruffa ta bi su da ido, ta kuma tambayi malaman inda yara biyu ke da suna ɗaya. Aka sauka a 140. Daga nan duk ƙarshen wata tana ba shugaban shirin shafi ɗaya na halarta. Shigar da bayanai, tacewa, rahoton wata, hulɗa da ma'aikatan fili: abubuwan da sanarwar ta nema ke nan, ɗaya bayan ɗaya.

Tabbatarwarsa ta mutum ce. Kana buƙatar wanda ya shugabance ka ya yarda a kira shi, kuma ka nemi izininsa kafin ka ambace shi, ba bayan ka aika ba. Tsadarsa kaɗan ce, kira ɗaya ko biyu. Ƙarkonsa a intabiyu ya fi na sauran, saboda labarai ne da suka faru da kai, kuma duk tambayar da aka yi game da saɓani da abokin aiki ko kuskuren da ka gyara, a nan za ka samo amsa.

Haɗarinsa uku ne, kuma sai an yi hattara. Kada ka maƙala ainihin fayil ɗin a matsayin shaida. Sunayen yara ne, ko na marasa lafiya, ko na masu karɓar tallafi, kuma wanda ke neman aikin riƙe bayanai ya aika bayanan mutane ga baƙo ya kayar da kansa da kansa. Faɗi abin da ka yi da baki, ko ka nuna samfuri da sunayen ƙirƙira. Na biyu, kada ka kumbura muƙami. Idan rajista ka riƙe, kada ka zama manajan bayanai, domin kira ɗaya zai warware. Na uku, aikin yini ɗaya ba shaida ba ce. Zuwa taro sau ɗaya a raba takardu a ɗauki hoto ba ya nuna juriya, kuma juriyar ce darajar wannan zaɓin. Akwai kuma abin lura idan ƙungiyar ta siyasa ce ko tana da ra'ayin da ake jayayya a kai: kana iya bayyana aikin ba tare da ka sa sunanta a jimlar farko ba.

| Ma'auni | Kundin digiri | Aikin ƙashin kai | Aikin sa kai |
|---|---|---|---|
| Abin da yake nunawa | Zurfin ilimi, kammala dogon aiki | Ƙwarewar hannu, himma | Riƙon amana, aiki da mutane |
| Tabbatarwa | Malami ko taƙaitawa | Mahaɗa | Shugaban da za a kira |
| Tsada | Kalmomi da yawa | Lokacin gyara | Kaɗan |
| Ƙarko | Yana tsufa da wuri | Yana daɗewa idan ana ƙara masa | Yana jure intabiyu |
| Haɗari | Kowa yana da shi, rabon rukuni | Kwaikwayo, mahaɗa matacciya | Bayanan sirri, kumbura muƙami |

Yadda imel ɗin ya fito

Ɗalibarmu ta sa aikin sa kai a gaba, kundi a baya, ta bar jadawalin a si-bi. A layin take ta rubuta sunan gurbin kamar yadda yake a sanarwar, da lambarsa idan an ba da, sannan sunanta. Za a rubuta saƙon da harshen da aka fitar da sanarwar, amma ginin ɗaya ne:

"Barka da aiki. Ina neman gurbin mataimakiyar jami'in bayanai da kuka sanar. Na kammala digiri a fannin ƙididdiga a bana.

Na yi wata takwas ina riƙe rajistar wani shirin koya wa yara karatu a matsayin 'yar sa kai. Na mayar da littattafai uku na hannu zuwa Excel, na tace sunayen da suka maimaitu daga 163 zuwa 140 tare da malaman shirin, kuma ina haɗa rahoton halarta duk wata. Shugaban shirin ya amince a tuntuɓe shi.

A kundin digirina kuma na tsara takardun tambayoyi 200, na tattara su, na shigar, na yi nazarinsu da SPSS.

Na maƙala si-bi ɗina. Zan yi farin cikin samun damar tattaunawa da ku. Na gode."

Lura cewa babu inda ta ce "duk da ba ni da gogewa". Ta faɗi cewa a bana ta gama, mai karatu ya fahimci sauran, ba sai ta ba da haƙuri ba. Ta kuma faɗi a fili cewa sa kai ne, ba ta bar shi ya yi kama da aikin albashi ba. Babu "mai ƙwazo", babu "mai saurin koyo". Si-bi ɗin ta aika shi a PDF don kada tsarinsa ya rikice a wata na'urar, da suna mai ma'ana irin `Suna_CV.pdf`. Gmail yana karɓar maƙalalle har 25 MB, amma si-bi na shafi ɗaya ko biyu bai kamata ya kusanci haka ba. Idan sanarwar ta faɗi irin fayil ko irin taken da take so, umarninta ya rinjayi duk abin da na faɗa.

Wanne ya dace da kai

Idan gurbin na bincike ne, ko na ɗakin gwaje-gwaje, ko mataimakin malami, ko wani fanni da hanyar nazari ita ce aikin kanta, sa kundi a gaba, ka bayyana hanyar da kayan aikin da ka riƙe da hannunka, ka haɗa da taƙaitawar shafi ɗaya.

Idan aikin na ƙera abu ne da ake iya gani, kamar manhaja, zane, fassara, rubutu ko haɗa bidiyo, aikin ƙashin kai ne kan gaba, da sharaɗin mahaɗar tana buɗewa kuma akwai shawararka a ciki. A irin waɗannan gurabe mai dubawa yakan latsa mahaɗar tun kafin ya gama karanta saƙon.

Idan gurbin na ofis ne, ko kula da abokan hulɗa, koyarwa, tallace-tallace, ko aikin ƙungiyoyin agaji, aikin sa kai ya fi, muddin ya kai watanni kuma akwai mai shaida.

Wanda yake neman aiki a fannin da ba shi ya karanta ba, sai ya mayar da kundi can baya, domin yana ƙara tuna wa mai karatu da tazarar. Wanda kuma ya duba ya ga kundi kaɗai gare shi, ya aika da shi a yau yadda aka bayyana, kada ya jira, amma ya nemi wata ƙungiya kusa da shi da ke da aikin da ya yi kama da wanda yake nema, ya karɓi ɗawainiya guda mai suna, ya riƙa rubuta ranaku da adadi tun daga makon farko. Bayan wata uku ko huɗu zai sami sakin layi na farko da zai maye gurbin kundin, da mutumin da za a kira.